Batir ɗaya da wayoyi uku: yadda aka gano inda bes ya ɓace a kayan sautin haya a Birnin Kebbi

Kayan ba su da yawa. Akwatunan sifika biyu ne iri ɗaya, kowanne da wufa mai inci 15, wato babbar sifika mai takarda da ke fitar da sauti mai nauyi, da tuwita mai ƙaho a sama mai fitar da sauti mai kaifi, juriyar wutarsu om 8 kowanne, kuma babu amfilifaya a cikinsu. Sai amfilifaya ɗaya mai hanya biyu, ƙaramar miksa, da janareta. Mai su yana ba da haya a bukukuwa da walimar saukar Alƙur'ani a cikin Birnin Kebbi, wani lokaci har Kalgo da Jega. Yawanci a fili ake kafawa, ƙarƙashin rumfa, akwati ɗaya a dama ɗaya a hagu, tsakaninsu kamar mita 4.

Kukan da ya kai wa mai gyara shi ne sautin ya zama ba shi da tabbas. Yau a kafa kaya, ganga ta riƙa dukan ƙirji har bayan rumfa. Gobe a kafa kayan nan dai, a fili irin na jiya, sai sautin ya fito siriri kamar na rediyon hannu, muryar mai gabatarwa ta rasa kauri, masu biki su fara aiko yara a ƙara. A irin wannan rana yaron da ke kan miksa yakan murɗa maɓallin bes, wato sauti mai nauyi, kusan ƙarshe, jar fitilar gargaɗi ta amfilifaya ta riƙa ƙyaftawa, amfilifayar ta yi zafin da ba a iya ɗora hannu, amma tsakiyar rumfa shiru. Abin ya fara ne bayan an sayo sabuwar doguwar waya, ta zama ta uku a cikin buhun wayoyi. Yaron kuwa ya riga ya yanke hukunci: "Maigida, wagga sabuwar waya ce ba ta da kyau. Tun da ta shigo ba mu ga daidai ba."

Yaron ya lura da kyau. Sai dai sabuwar wayar ita ce mafi lafiya a duk cikin buhun.

Abin da kunne ya nuna kafin a taɓa sukurudireba

Mai gyaran ya sa aka kafa kayan a farfajiya yadda aka saba, aka yi ta sauya wayoyi har aka dace da haɗin da ke ba da siririn sauti. Ya sa kiɗa mai ganga mai nauyi, an mayar da shi mono, wato abu ɗaya ke fita ta hanyoyin biyu. Ya tsaya daidai tsakiya, kamar mita 10 daga akwatunan, ya ce a kashe hanya ɗaya gaba ɗaya. Da aka kashe, bes ya ƙaru. Aka dawo da ita, bes ya gudu.

Wannan alama ita kaɗai ta kusa gama bincike. Sifika biyu masu lafiya, idan suna tafiya tare, ƙara ta biyun ƙari take kawowa. Idan kashe ɗaya ne ke ƙara kauri, to suna jan juna ne: lokacin da takardar wufar wannan ke tura iska gaba, takardar waccan tana janyewa baya. Sauti ba komai ba ne illa matsi da sakin iska. Ɗaya ta matsa, ɗaya ta saki daidai gwargwado a lokaci guda, mai tsaye a tsakiya sai ya sami kusan babu. Kamar mata biyu ne a turmi ɗaya, amma a nan ɗaya na zuba hatsi ɗaya na kwashewa.

Dalilin da ya sa bes ne ke fara tafiya yana cikin tsawon igiyar sauti. A zafi irin na Kebbi, digiri 35 ko sama, sauti na tafiya kusan mita 350 a daƙiƙa. Sautin ganga mai nauyi na wajen haz 70, wato girgiza 70 a daƙiƙa, saboda haka tsawon igiyarsa mita 5 ne. Mutumin da ke zaune mita 10 daga akwatunan, ko da ya kauce wa tsakiya da mita 2, bambancin nisansa da akwatunan biyu bai wuce santimita 77 ba. A kan igiya mai mita 5 wannan bambanci ƙarami ne, don haka sokewar na nan, kuma abin da akwatunan biyu ke ba shi bai ma kai abin da guda ɗaya zai ba shi ba. Sauti mai kaifi kuwa, irin na haz 5,000, igiyarsa santimita 7 ce kacal. Juya kai kaɗan ya isa ya fitar da kunne daga wurin sokewa. Shi ya sa kaifin ke nan daram, sai dai mutum ya ji kamar muryar ba ta da mazauni, tana yawo a gefen kunnuwa maimakon ta tsaya a gabansa.

Akwai abin da ke sa wannan cuta ta daɗe ba a gane ta ba. Teburin miksa kusan kullum yana gefe, jikin akwati ɗaya. A wurin, akwatin da ke kusa ya rinjayi na nesa, sokewar ba ta da ƙarfi, mai kula da sauti na jin bes ɗinsa lafiya lau. Manyan baƙi da aka jera wa kujeru a tsakiya su ne ke cin asarar. Idan aka matsa masa ya ƙara, sai ya murɗa bes, kuma nan ne ake ƙona kaya. Ƙarin desibel 6 a maɓallin bes na nufin amfilifaya ta ba da ƙarfi ninki huɗu a wannan ɓangare na sauti. Wutar tana shiga kwail ɗin wufa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takardarta, tana zama zafi kamar kullum, domin sokewar a iska take faruwa, ba a cikin waya ba. Duk abin da aka ƙara wa dama an ƙara wa hagu, su ci gaba da soke juna.

Gwajin batir

Kayan aikin gwajin batir ne ƙarami na tocila ko na rimot, mai bolt 1.5, da guntuwar waya kamar santimita 30 wadda aka sa wa filogin sifikon, irin wanda ake sokawa a bayan akwatin sifika, a kai ɗaya, ɗaya kan kuma aka fere shi tsirara. Wannan guntuwar waya ce ma'aunin duk sauran, don haka mai gyaran ya fara buɗe filoginta ya nuna wa maigidan cewa jar waya na ɗaure a ƙafar da aka rubuta wa `1+`, baƙar kuma a `1-`. Ma'aunin da ba a tabbatar da shi ba yana iya juya dukan sakamakon a kife.

An kashe amfilifaya, an cire wayoyin akwatunan daga bayanta gaba ɗaya. Ba a taɓa sa batir a wayar da ɗaya kanta ke maƙale da amfilifaya, ko da a kashe take. Aka kwance ragar gaban akwatunan biyu don a ga takardar wufa ƙuru-ƙuru. Ana iya yi ba tare da cire raga ba, a haska tocila ta gefe, amma motsin da bolt 1.5 ke sa wa wufa mai inci 15 ɗan kaɗan ne, milimita ɗaya ko ƙasa da haka, kuma ido na saurin ruɗewa ta cikin raga. Da raga a buɗe, mutum na ɗora kan yatsa a hankali a jikin takardar, kusa da bakinta, ya ji turi ko ja.

Ana riƙe baƙar waya a gindin batir, wajen da yake a shafe, sannan a taɓa jar wayar a kan ɗan tudun da ke da alamar +. Ƙa'idar da kusan duk masu ƙera sifika ke bi a yau ita ce, idan + na batir ya hau + na sifika, takarda ta fito waje, wajen masu sauraro. Akwai tsofaffin sifikun JBL da aka yi su a kan akasin haka, kuma wannan ma dalili ne na kada a dogara da launin da ke jikin ƙarfe. Amma ga akwati biyu da za su yi aiki tare, babban abin nema shi ne su yi motsi iri ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi a wannan gwaji shi ne ƙyasta wayar a jikin batir kamar ashana. Sifika ta yi "ɓus", takarda ta motsa gaba da baya cikin ƙiftawar ido, mai kallo ya kama motsin dawowa ya ɗauka shi ne na farko. Abin da ya kamata a yi shi ne a ɗora wayar a riƙe daƙiƙa ɗaya ko biyu. Takardar za ta fito ta tsaya a waje muddin ana riƙe, ta koma mazauninta idan an saki. Tsayawar ce ake karantawa. Babu haɗari ga wufa a wannan riƙewar: sifika mai om 8 takan nuna kamar om 6 a mitar awon wuta, bolt 1.5 a kan om 6 kuwa rubu'in amfiya ne, ƙarfin da bai kai rabin wat ba, ga kwail da aka yi don ɗaruruwan wat. Wasu masu gyara na amfani da batir mai bolt 9 a kan manyan wufa don motsin ya fi fitowa, suna taɓawa su saki nan take. Batirin babur ko na mota ba shi da gurbi a wannan aiki.

Aka fara da akwatin farko. Takarda ta fito ta tsaya. Aka maimaita sau uku, haka. Aka koma akwati na biyu da wannan guntuwar waya da wannan batir, takarda ta shige ciki. Mita ta nuna om 6.1 a na farko, 6.3 a na biyu, wato kwail ɗin duka biyu na da rai, babu wanda ya ƙone. Na biyun a juye kawai yake.

Da aka tambayi maigidan tarihin wannan akwati, sai ya tuna wufarsa ta taɓa ƙonewa shekara biyu da suka wuce, aka kai ta kasuwa aka sake naɗa mata kwail. A nan ne irin wannan juyewa ta fi shigowa. Mai naɗi na iya kewaya wayar kwail ta ɗaya hannun, ko ya liƙa bakunanta biyu a musaye, alhali jan fentin da ke jikin ƙafar wufa na nan inda masana'anta ta sa shi. Ko kuma wanda ya mayar da wufar cikin akwati ya musanya wayoyi biyun. A ido komai daidai. Ja na kan ja.

Amma nan maigidan ya kawo hujjar da ta dace a tsaya a kanta: "To Malam, in tun shekara biyu yake a juye, mi ya sa sai bana muka fara jin haka?"

Wayoyin

Dogayen wayoyin uku ne, mita 20 kowacce, masu jijiya biyu, ruwan ƙasa da shuɗi. Kan da ke zuwa akwati yana da filogin sifikon, kan da ke zuwa amfilifaya tsirara ne, ana ɗaure shi a ja da baƙin sukurori na bayanta. Yaran sun saba: ruwan ƙasa a ja, shuɗi a baƙi, kuma ba su taɓa kuskure a wannan ba.

Tun da an tabbatar da akwatin farko, shi aka mayar alƙali. Aka riƙa soka masa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ana sa batir a can ɗaya kan, ruwan ƙasa a +, shuɗi a gindi, mutum ɗaya na taɓawa ɗaya na riƙe da yatsa a takarda. Tsohuwar waya ta farko: waje. Sabuwar waya: waje. Tsohuwar waya ta biyu: ciki. Aka buɗe filoginta, ga ruwan ƙasa a `1-`, shuɗi a `1+`, an ɗaure su tsaf, ba aikin gaggawa ba. Da alama wani ne ya ji matsalar tun lokacin da wufar ta dawo daga naɗi, ya musanya wayar a cikin filogi, sautin ya dawo, ya yi shiru da bakinsa.

Daga nan lissafin ya fito. A tsawon shekara biyun nan wayoyi biyu ne kawai, ɗaya daidai ɗaya a juye, da akwati biyu, ɗaya daidai ɗaya a juye. Idan juyayyiyar waya ta faɗa kan juyayyen akwati, juyi biyu sun warware juna, wufa biyun na fita tare. Idan kuma ta faɗa kan lafiyayyen akwati, to shi ma ya juye, ya tarar da ɗan'uwansa da lafiyayyiyar waya ta bari a juye, wufa biyun na shiga tare. Ko ta yaya aka soka, suna tafiya tare, kuma kunne ba ya damuwa da ko tare suka fara fita ko tare suka fara shiga. Laifi biyu ne suka rufa wa juna asiri.

Zuwan waya ta uku ne ya tona. Yanzu yaro na zura hannu a buhu ya ɗauko biyu cikin uku. Haɗi uku ne ke yiwuwa, biyu daga ciki na ɗauke da juyayyiyar waya, sauti ya yi kyau. Na ukun, ranar da aka ɗauki lafiyayyun wayoyi biyu, babu abin da ke rufe laifin akwatin, bes ya ɓace. Kuma tun da sabuwar waya dole tana cikin wannan haɗi, duk ranar da aka ji kunya tana wurin. Shi ya sa aka ɗora mata.

Inda ake gyarawa, da inda ba a gyarawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaura wa juyayyiyar wayar ƙyalle a ce kullum ta tafi da akwati na biyu. Ba gyara ba ne, domin rana ɗaya wayar za ta tsinke ko a ara wa wani, a koma gidan jiya. Hanya ta biyu da ke jan hankali ita ce a buɗe farantin bayan akwati a musanya wayoyin da ke kan soket. Ita ma ba daidai ba ce a wannan lamari, kuma dalilin ya cancanci a bi shi a hankali.

A cikin akwatin, wuta daga soket na shiga wani ƙaramin allo, kurosoba, wanda ke raba sauti: mai nauyi zuwa wufa, mai kaifi zuwa tuwita. Wufa ce kaɗai aka taɓa lokacin naɗi, tuwita tana nan yadda aka ƙera ta. Musanya waya a soket ko a filogi na juya su duka biyu, wufa ta dawo daidai, tuwita ta juye. Cikin akwatin kuwa, saɓanin da ke tsakanin wufa da tuwita na nan bai gushe ba. A wajen da suke miƙa wa juna aiki, wanda a akwati irin wannan yakan kasance kusa da haz 2,000, su biyun na fitar da sauti ɗaya a lokaci guda. Idan alaƙarsu ta saɓa wa yadda aka tsara, sai su rage wa juna a daidai nan, kuma nan ne kaifin harafi yake, abin da ke sa a rarrabe kalmomin mai wa'azi ko mai sanarwa. Wato ko a ranakun da ake cewa sauti ya yi kyau, akwati na biyu na cin wani abu daga tsabtar murya. Maigidan ya ce lallai sun daɗe suna cewa wancan akwatin "ya fi duhu", sun ɗauka tsufa ne.

Saboda haka a kan wufar aka yi gyaran. Aka kwance sukurorinta takwas, aka jingino ta waje, aka gwada ta ita kaɗai da batir bayan an zare wayoyinta. Ƙafar da ke da jan fenti, da aka ba ta +, takarda ta shige. Naɗin ne ya juye, ba mai mayarwa ba. Aka kankare tsohon fentin, aka sa sabuwar alamar + a ɗaya ƙafar, wadda ke fitar da takarda, aka mayar da wayar + ta kurosoba a kanta. Wannan sake alamar ba ado ba ne. In ba a yi ba, mai gyara na gaba zai buɗe ya ga ja ba ya kan ja, ya "gyara".

Tuwita ba a gwada ta da batir. Ta bakin soket ma ba za ta nuna komai ba, domin akwai kafasita a gabanta da ke tare wutar batir, sai ɗan "ƙas" da ake ji lokacin taɓawa da lokacin saki. Kai tsaye kuma kwail ɗinta siriri ne, motsinta ba ya ganuwa, ga haɗarin lalata ta a banza. Abin da aka yi shi ne buɗe akwatin farko a gefe, a kwatanta wayoyin tuwita biyun launi da launi, ƙafa da ƙafa. Sun zo ɗaya. Wani abin lura a nan: wasu masu ƙera akwati da gangan suke juya tuwita, saboda irin jinkirin da kurosobarsu ke sa wa sauti. Wanda ya ga wayar + ta allo a ƙafar − ta tuwita a akwatunan biyu duka, ya bar ta yadda ya same ta. Ma'auni shi ne tagwayen su yi kama da juna.

Sannan aka koma kan filogin tsohuwar waya ta biyu, aka mayar da ruwan ƙasa `1+`, shuɗi `1-`, aka murɗe silin jan ƙarfen sosai kafin a ɗaure don kada sili ɗaya ya tsallaka ya taɓa maƙwabcinsa. Aka sake bin wayoyin uku da batir a akwatunan biyu. Gwaji shida, fita shida.

Haɗawa

Amfilifayar na da maɓalli a baya mai matsayi uku, sitiriyo, faralel da birij. An duba shi kafin a ɗaura komai, domin a birij amfilifaya da kanta take juya hanya ta biyu, don a ɗauki wuta tsakanin jajayen sukurori biyu zuwa akwati ɗaya. Idan maɓallin ya zame zuwa birij a cikin mota, aka kuma haɗa akwati biyu yadda aka saba, kowanne a hanyarsa, za su soke juna ko da kowace waya da kowace wufa daidai take. Batir ba zai taɓa nuna wannan ba. An bar shi a sitiriyo, aka manna masa salatif.

Haɗin kansa gajere ne: jan sukurin hanya ta ɗaya zuwa `1+` na akwatin hagu, baƙin zuwa `1-`, haka hanya ta biyu da akwatin dama. Kowace hanya na ganin om 8. Ba a haɗa baƙaƙen sukurorin hanyoyin biyu da juna, domin ba a kowace amfilifaya ba ne suke abu ɗaya a ciki.

Maigidan ya tambayi ranar da hanya ɗaya ta mutu a tsakiyar biki, ko ana iya ɗora akwatunan biyu a kan mai rai. Ana iyawa, ta soket na biyu da ke bayan akwati, wanda ke haɗe da na farko + da +, − da −. Om 8 biyu a haka sun koma om 4, sai a duba rubutun bayan amfilifaya a ga ta yarda da om 4 a hanya ɗaya, kuma a sani za ta fi zafi. Guntuwar wayar da ke tsallakawa daga akwati zuwa akwati ita ma waya ce, tana iya zuwa a juye, don haka ta bi layin batir kamar sauran. Kaurin waya ma ya fi tasiri a om 4. Mita 20 zuwa da dawowa mita 40 ne na jan ƙarfe: mai kaurin milimita murabba'i 2.5 na cin kamar om 0.3, mai 1.5 kuwa kusan rabin om, wanda ya haura kashi ɗaya cikin goma na om 4. Wannan ba ya juya komai, rage ƙarfi kawai yake yi, amma gara a sani don kada a sake zargin juyewa alhali siririyar waya ce.

Saura abu ɗaya da batir bai kai gare shi ba, wato abin da ke gaban amfilifaya. Wayoyin da ke kawo sauti daga miksa masu filogi mai ƙafa uku ne, ƙafa ta 1 ƙasa, ta 2 ita ce +, ta 3 ita ce −. Idan wanda ya liƙa ɗaya daga cikinsu ya musanya 2 da 3 a kai ɗaya, wannan hanyar ta juye tun kafin ta isa amfilifaya. An bi su da mita a matsayin da take ƙara idan waya ta haɗu, 2 da 2, 3 da 3, duka biyun lafiya.

Gwajin ƙarshe ya haɗa komai daga miksa har takarda. Aka jawo akwatunan suka fuskanci juna, raga da raga, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. Aka sa kiɗan nan na mono a ƙaramin sauti, maɓallin bes a tsakiya, maɓallan ƙarfin hanyoyin biyu a wuri ɗaya. Bes ya cika farfajiyar. Don maigidan da yaransa su ji bambancin da kunnensu, aka kashe amfilifaya, aka musanya ja da baƙi a hanya ɗaya da gangan, aka kunna. Gangar ta kusa ɓacewa ɗungurungum, ana ganin takardun na rawa amma abin da ke fitowa kamar ana buga kwali. A wannan kusanci ne sokewa ta fi tsanani, shi ya sa gwajin ba ya barin shakka. Aka kashe, aka mayar daidai.

Da aka mayar da akwatunan mazauninsu, mita 4 tsakani, aka maimaita gwajin farko daga tsakiya. Kashe hanya ɗaya yanzu rage bes yake yi a fili, dawo da ita ya ƙara, muryar kuma ta tsaya a tsakiyar akwatunan biyu kamar akwai sifika ta uku a wurin. Mai gyaran ya ja hankalin yaran kan jeri: fuskokin akwatunan su kasance a layi ɗaya. Idan sandar rumfa ta sa aka tura ɗaya gaba da mita ɗaya, sautinsa na riga na ɗan'uwansa isa, kuma a kusa da haz 175, inda rabin igiya mita ɗaya ne, za su rage wa juna a tsakiyar rumfa duk da wayoyi na daidai. Wannan ba a gyara shi da musanya waya, sai da ɗaga akwati.

An naɗa jan salatif a kan jijiyar ruwan ƙasa ta kowace doguwar waya, wajen da ke shiga amfilifaya, aka rubuta wa wayoyin lamba 1, 2, 3. Guntuwar wayar gwaji da batirinta an ɗaure su da roba an sa a aljihun buhun, da sharaɗin duk wufar da ta dawo daga naɗi, da duk wayar da aka saya ko aka aro, sai ta fitar da takarda waje kafin ta hau mota.